Kalmomin sirrina 63 sun sauka a kwamfutar ofis, kuma mu huɗu ne muke amfani da ita

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Ina da matsala kuma raina a ɓace yake. A wurin aikinmu kwamfuta ɗaya ce a teburin gaba, mu huɗu muke karɓa-karɓa da ita, kuma kalmar buɗe Windows ɗin kowa ya san ta. Wata uku da suka wuce na shiga imel ɗina a Chrome don in sauke wata takarda, ya tambaye ni wani abu na danna amincewa ban ko karanta ba. Yau abokin aikina ya ce da ni ya buɗe wani shafin sada zumunta sai ya tarar da sunana da ɗige-ɗigen kalmar sirrina an riga an cike su. Ni kuwa ban taɓa buɗe wannan shafin a kwamfutar nan ba, a wayata kaɗai nake shiga. Ta ina ya fito? Kuma da gaske ne in na koma manhajar ajiye kalmomin sirri irin su Bitwarden shi ke nan na huta?

Ɗan Jami'a: Wa alaikumus salam Anti. Ki kwantar da hankalinki, ɗige-ɗige kawai ya gani. Chrome ba ya nuna kalmar sai an sa kalmar sirrin Windows ko PIN, kuma a rufe yake ajiye su, ba a fili ba. Ki goge tarihin burauza kawai, nan gaba ki riƙa shiga ta Incognito.

Mai Gyara: Ƙanena, ka sake karanta saƙonta. Ta ce kalmar Windows ɗin su huɗu suka san ta. Makullin da kake yabo, mukullinsa yana aljihun kowa.

Hajiya, kafin komai ki duba mini abu ɗaya. A wayarki ki buɗe `passwords.google.com` ki ƙirga kalmomin da ke ciki, sannan ki lura ko akwai wasu sunaye da ba naki ba.

Maman Biyu: Innalillahi. Guda 63 ne. Kuma ga wasu biyar da ban san su ba, ɗaya ma imel ɗin abokiyar aikina ce, da kalmar sirrinta a wayata!

Mai Gyara: To abin da na zata ne. Abin da kika danna ranar ba imel kaɗai ya buɗe ba, shi Chrome ɗin kansa kika shigar cikin asusunki na Google, kika kunna `Sync`. Daga wannan lokacin duk abin da ke ajiye a asusunki ya sauko kwamfutar ofis, shi ya sa shafin da ba ki taɓa buɗewa a can ba ya san ki. Hanyar kuma biyu ce, tana kai wa tana kawowa: duk abokin aikin da ya zauna bayanki ya danna `Save`, kalmarsa asusunki ta tafi. Wata uku kina riƙe da sirrinsu suna riƙe da naki, babu wanda ya sani.

Maganar ɗige-ɗige kuma, Ɗan Jami'a, ko da ba su san kalmar Windows ba ɗigon nan ba ya tsare komai. Da zarar burauza ta cike gurbin, kalmar tana cikin shafin. Ka gwada da taka a kwamfutarka: danna dama a kan gurbin, zaɓi `Inspect`, za ka ga layi mai kama da na sama, ka mayar da shi na ƙasa:

```
<input type="password">
<input type="text">
```

Nan take kalmar za ta bayyana ɓaro-ɓaro. Babu PIN, babu tambaya. Kuma wanda ke son karanta saƙonninta ma ba ya buƙatar ganin kalmar, maɓallin shiga kawai zai danna.

Ɗan Jami'a: Na gwada yanzu, wallahi ta fito. Na janye wannan. Amma batun Incognito fa ina nan a kan bakana, Malam.

Mai Gyara: Rabin gaskiya ne. Incognito yana hana tarihi da kukis, wato ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauza, su zauna bayan ka rufe tagar. Amma kalmomin da aka riga aka ajiye a furofayil ɗin suna nan, za a iya cike su ko a cikin Incognito. Wanda ba ya ganin su sam shi ne `Guest`. Da ta shiga ta `Guest` tun farko, da ba mu taru a nan yau ba. Yanzu dai ɓarna ta riga ta auku, Incognito ba zai kwashe abin da ya zube ba.

Dattijo: Ni fa 'ya'yana ban gane wannan wahalar ba. Ƙaramin littafi gare ni, duk kalmomina suna ciki, yana cikin akwati a ɗaki. Shekara takwas babu ɓarawon intanet ɗin da ya shiga akwatin nan. Sai dai matsalata ɗaya, wayata ta daina karɓar kalmar wayifai ɗin gida tun jiya, ko akwai wanda ya san dalili?

Admin: Baba, Allah ya ƙara girma, batun wayifai a buɗe masa zare daban don kada wannan ya watse.

Maman Biyu: To bari in shiga kwamfutar ofis ɗin gobe da sassafe in goge su ɗaya bayan ɗaya.

Mai Gyara: Kul, Hajiya! Nan ne mutane suke ƙona hannunsu. Muddin `Sync` yana kunne, duk kalmar da kika goge a can za ta goge a asusunki da wayarki baki ɗaya. Ki wayi gari ba ki da ko ɗaya, kuma na tabbata ba ki haddace rabinsu ba.

Ga yadda zan yi in ni ne, kuma tun daren nan, daga wayarki, ba daga kwamfutar ofis ba. Fara da canza kalmar Google ɗin kanta, domin imel ita ce uwar sauran: wanda ya riƙe ta zai iya neman sabuwar kalma a kusan kowane shafi a aiko masa. Daga nan ki buɗe `myaccount.google.com/device-activity`, ki nemo kwamfutar Windows ɗin, ki fitar da ita. Sai ki duba lambar waya da imel na dawo da asusu, ki tabbatar naki ne. Akwai kuma wurin da kusan kowa ke mantawa: saitin Gmail, ɓangaren `Forwarding and POP/IMAP` da na `Filters`. In wani ya yi miki mugunta ya sa a riƙa tura masa kwafin saƙonninki, canza kalma ba ya cire wannan, zai ci gaba da karantawa abinsa. Wannan sai daga burauza ake ganinsa sosai, don haka ki nemi kwamfutar da kika yarda da ita, ko ki buɗe shafin a wayar da yanayin kwamfuta.

Gobe a ofis, furofayil ɗin za ki goge gaba ɗaya, ta hoton da ke saman dama, ki shiga inda ake sarrafa furofayil ki zaɓi `Delete`. Wannan kwafin da ke kan kwamfutar kaɗai yake sharewa, bai taɓa na asusunki ba. Fitar da na'ura daga nesa ba ya goge abin da ya riga ya sauka a kanta, shi ya sa sai kin je da ƙafarki. Amma ki faɗa wa abokan aikinki kafin ki goge, tunda furofayil ɗaya kuke amfani da shi, alamomin shafukansu za su tafi tare.

Maman Biyu: Duka 63 ɗin sai na canza? Kai, wannan aikin sati ne.

Mai Gyara: A ƙa'ida eh, domin duk wanda ya san kalmar Windows zai iya fitar da su duka a fayil ɗin CSV cikin minti ɗaya, kuma fayil ɗin rubutu ne a fili wanda Excel ke buɗewa. Ba ki da hanyar tabbatar da cewa ba a yi ba. Amma ba dole a dare ɗaya ba. Yau imel, banki, da shafukan sada zumunta. Sannan duk inda kika maimaita kalma ɗaya. Shafukan da kika yi rajista sau ɗaya kika manta da su za su iya jira. Biyar ɗin da ba naki ba kuwa, ki gaya wa masu su su canza, sannan ki goge su daga asusunki.

Hajiya Akanta: Ni irin wannan ta taɓa faruwa da ni amma ta wata fuska. Firefox nake amfani da shi a kwamfutar gida da muke rabawa da yara. Da za a canza mana kwamfuta, babban ɗana ya kwafi fayil biyu kawai daga tsohuwar zuwa sabuwar, `logins.json` da `key4.db`, sai ga duk kalmomina sun dawo kamar ba a canza komai ba. Na yi murna a lokacin. Da dare ina kwance tunani ya zo mini: in yaro ɗan shekara 16 zai yi wannan da filas a minti biyu, to wa ba zai iya ba? Tun ranar na kunna `Primary Password`. Yanzu in na buɗe Firefox sai ya tambaye ni kafin ya cike komai.

Mai Gyara: Kin yi daidai Hajiya, kuma labarinki ya kawo mu ainihin bambancin. A fayil biyun nan, na farkon yana ɗauke da kalmomin a rufe, na biyun yana ɗauke da mukullinsu. In babu `Primary Password`, kamar an ajiye akwati ne da mukulli a kansa.

Chrome a Windows ya ɗan fi haka. Kalmomin suna cikin wannan fayil:

```
%LOCALAPPDATA%\Google\Chrome\User Data\Default\Login Data
```

Mukullinsu kuma Windows ne ke tsare shi da wani tsari mai suna DPAPI, wanda ke ɗaure da asusun mutum na Windows. In ka kwafi fayil ɗin zuwa wata kwamfuta ba zai buɗu ba. Sai dai Windows ba ya tambayar waye ke zaune a kujera, asusun da aka shiga kaɗai ya sani. Duk wanda ya shiga da wannan asusun, a wurinsa mai gida ne. A tsarin asali ma duk manhajar da ke gudana a ƙarƙashin asusun tana iya roƙon a buɗe mata, kuma da wannan ƙofar manhajojin sata irin su RedLine da Lumma suka daɗe suna cin kasuwa. A 2024, daga Chrome 127, Google ya ƙara wani ɗauri da ke haɗa mukullin da shi Chrome ɗin kansa, ya fara da kukis. Ya ƙara wa ɓarayin wahala, amma bai shafi matsalar Maman Biyu ba ko kaɗan, domin abokin aikinta da Chrome ɗin kansa yake shiga.

Manhaja ta daban, Bitwarden ko KeePassXC ko 1Password, nata makullin ba na Windows ba ne. Babbar kalmarka, wato kalmar sirri ɗaya da ke buɗe duk ma'ajiyar, ita ce ake sarrafawa ta zama mukulli, kuma ana jujjuya ta da gangan don a wahalar da mai canki: Bitwarden a saitin asali sau 600,000 yake yi da PBKDF2. Sannan tana rufe kanta bayan mintunan da ka saita. Idan ka tashi, wanda ya zauna bayanka rufaffen akwati zai tarar ko da ya san kalmar Windows. Wannan ne fifikonta na gaske.

Sarkin Gardama: Na yi shiru ina karantawa amma nan dole in sa baki. Kuna ta tura mutane su tara dukiyarsu a buhu ɗaya su miƙa wa kamfani. Kun manta manhajar ajiye kalmomin sirri ta LastPass? A 2022 aka sace kwafin ma'ajiyoyin mutane daga wurinsu, su da kansu suka sanar a watan Disamba. Adireshin shafukan da mutane ke shiga ma ba a rufe suke ba. Ɓarayi suka tafi da akwatunan gida, suna da duk lokacin duniya su yi ta cankar babbar kalma. Ni dai Google ya fi waɗannan ƙananan kamfanonin ƙarfin tsaro, kuma ban taɓa jin an kwashe ma'ajiyar Chrome daga wurinsu haka ba.

Mai Gyara: Abin da ka faɗa game da LastPass gaskiya ne, ban musa ba. Wanda babbar kalmarsa gajera ce ya shiga uku a lokacin. Kuma zan ƙara maka hujja: ga mutumin da ke da kwamfutarsa shi kaɗai, da kalmar Windows mai ƙarfi, ajiya a burauza ta fi maimaita kalma ɗaya a shafi talatin nesa ba kusa ba. Tana ƙirƙiro masa dogayen kalmomi, kuma ba ta cike su a shafin bogi domin adireshin take dubawa, ba kamannin shafin ba. Ni da kaina na bar mahaifiyata a kan na burauza, don na san wata manhajar za ta rikita ta ne kawai.

Amma in kamfani ne tsoronka, KeePassXC ba shi da kamfanin da ke riƙe maka komai. Fayil ɗaya ne mai ƙarewa da `.kdbx`, kai ke ajiye shi inda ka ga dama.

Sarkin Gardama: Eh, kuma ranar da fayil ɗin ya ɓata ko ka manta babbar kalmar, wa za ka kai wa kuka? Na san mutum biyu da haka ta same su. Google aƙalla zai aiko maka lamba a waya.

Mai Gyara: Babu wanda za ka kai wa. Wannan tsadar ce ta tsarin. Abin da ya sa ɓarawo ba zai iya zagaye babbar kalmar ba, shi ne ya sa kai ma ba za ka iya ba. A nan littafin Baba yana da amfani: a rubuta babbar kalmar ɗaya a takarda a ɓoye a gida.

Dattijo: Ashe dai za ku dawo wurina.

Maman Biyu: Baba ka ci gari. To Malam, in na fahimce ka, in sa Bitwarden a kwamfutar ofis ɗin, in saita ta riƙa rufewa da wuri?

Mai Gyara: A'a Hajiya, a nan ne zan ba ki mamaki. A wannan kwamfutar, yadda take yanzu, kada ki sa. Mutum huɗu, asusun Windows ɗaya, ƙila ma mai ikon admin ne, kowa yana sauke abin da ya ga dama. In akwai manhajar da ke naɗar abin da ake bugawa a kibod, to babbar kalmarki za ta naɗa, kin ba da duka a bugu ɗaya maimakon guda ɗaya. Kuma lokacin da ma'ajiyar take buɗe, abin da ke cikinta yana ƙwaƙwalwar kwamfutar. Makullin manhaja yana kare ki daga abokin aiki mai leƙe-leƙe bayan kin tashi. Ba ya kare ki daga kwamfutar da ta riga ta ruɓe.

Ki sa manhajar a wayarki. In dole ta sa sai kin shiga wani shafi a ofis, ki buɗe `Guest`, ki karanta kalmar wannan shafin kaɗai daga waya ki buga da hannu, ki gama ki fita daga asusun ki rufe tagar. In an sace, guda ɗaya aka sace. Banki da babbar imel kuwa, kada su taka wannan kwamfutar.

Ɗan Jami'a: Amma in ta kunna tabbatarwa ta mataki biyu ai ko an naɗi kalmar babu abin da za a yi da ita. Sai da lambar da ake aikowa waya.

Mai Gyara: Ta kunna, lallai, yau ma. Yana tare wanda ya samu kalma kaɗai. Amma ka tuna bayan ka shiga, shafin yana ba burauzar kuki da ke cewa an riga an tantance wannan. Wanda ya zauna a kujerar da ba ka fita ba, ko manhajar da ta kwashe kukin, ba za a tambaye su lamba ba. Shi ya sa nake nanata fita daga asusu, ba rufe taga kawai ba. Kuma kada a taɓa danna akwatin nan na cewa a tuna da wannan na'urar.

Hajiya Akanta: Wani abu da na lura da shi a gida: in na kwafi kalma daga wani wuri na liƙa, daga baya yarana suka danna Windows da `V` sai ga ta a jerin abubuwan da aka kwafa. Na tarar an kunna tarihin kwafi ban sani ba. Sai da na je na kashe shi.

Mai Gyara: Madalla da kika kawo wannan. Tarihin yana riƙe har abu 25 na baya. KeePassXC yana goge abin da ya kwafa bayan daƙiƙa 10, amma kalmar da kika kwafo daga takarda ko saƙo babu mai goge miki.

Sarkin Gardama: To kun gani. Duk wannan dogon bayanin, ƙarshensa dai manhajar taku ba ta warware mata matsalar ofis ba. Da kowa yana da asusunsa na Windows, da na burauzar ma ya ishe ta.

Mai Gyara: A kan wannan mun haɗu. Asusu huɗu, kowa da kalmarsa, babu mai ikon admin a cikinsu, kuma in mutum zai tashi ya danna Windows da `L` ya kulle ta. Furofayil huɗu na Chrome a asusu ɗaya kuwa ba maganin komai ba ne, ba su da makulli, danna hoto kawai ake yi a koma na wani. Inda muka rabu shi ne ko da asusu daban, wanda ke riƙe da admin na kwamfutar yana iya sa mata abin da ya so, don haka ni har yanzu ba zan zuba kalmomina na kaina a kanta ba. Na aiki kawai.

Sarkin Gardama: In haka ne ai babu kwamfutar ofis a duniya da za ka yarda da ita.

Mai Gyara: Da kalmar bankina? Babu.

Maman Biyu: Na canza ta Google da ta banki yanzu, na fitar da kwamfutar, kuma babu wani turi da aka saka a imel ɗin, alhamdulillah. Saura 61. Maganar asusu huɗu zan kai wa oga gobe, amma na san abin da zai ce: manhajar rasit ɗinmu a wannan asusun ɗaya aka girka ta, kuma wanda ya girka ta ya bar aiki tun bara. Akwai yadda za a yi sauran asusun su gan ta ba tare da an sake girkawa ba?

Mai Gyara: Ya danganta da inda aka girka ta da inda take ajiye bayananta. In tana cikin `Program Files` da sauƙi, in kuwa tana cikin `AppData` na wannan asusun sai an yi aiki. Gobe ki danna dama a kan alamarta, ki zaɓi `Open file location`, ki turo mini abin da ya fito a sama.